Babi na Tara: Zuƙo Ɓargo da Gutsuro Ƙashi

Idan damina ta yi nisa, wajen Agusta zuwa Oktoba, babu abin da ma'aikatan lafiya na Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela suka fi gani kamar ƙarancin jini. Ga yaron da tafin hannunsa ya yi fari fat bayan kwana uku na masassara, ga mai ciki da numfashinta ke yin sama-sama, ga mai amosanin jini da ciwonsa ya motsa. Kusan dukkansu ba sa buƙatar a taɓa musu ƙashi. Jinin da za a ɗiba a yatsa ko a jijiya ya isa ya nuna dalili: zazzaɓin cizon sauro ne ya farfasa ƙwayoyin jinin, ko sinadarin ƙarfe ya yi ƙaranci a abinci, ko tsutsar ciki da tsargiya suna zubar da jinin a hankali, ko an yi asararsa wajen haihuwa. A duk waɗannan, wurin da ake haifar jinin lafiyarsa ƙalau, aiki ne kawai ya yi masa yawa. Gwajin ɓargo na 'yan tsiraru ne, waɗanda aka gwada jininsu aka sake gwadawa, amma likita bai gano inda gizo ke saƙa ba, har ya soma zargin cewa matsalar tana can inda jinin ke fitowa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci a kasuwar Ƙonni ya ga ɓargo iri biyu, ko bai lura ba. In aka sare ƙashin ƙafar sa, abin da ke ciki rawaya ne, mai maiƙo, shi ne wanda ake tsotsa a miya. In kuwa aka sare haƙarƙari ko ƙashin baya, cikinsa ƙananan ramuka ne cunkus, jajaye jawur. Na farkon kitse ne kusan zalla. Na biyun shi ne ke yin jini. Haka abin yake a jikin mutum. Jariri duk ƙasusuwansa jan ɓargo ne, amma yana girma na hannuwa da ƙafafu yana komawa kitse, har babban mutum ya rage da jan ɓargo a ƙashin ƙugu, ƙashin ƙirji, haƙarƙari, ƙashin baya, ƙoƙon kai da kawunan ƙasusuwan cinya da damtse. Shi ya sa likita ke nufar ƙugu ko ƙirji.

Abubuwa uku ɓargo ke fitarwa. Jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, waɗanda ke rayuwa kwana 120, kuma jikin babba yana yin kimanin miliyan biyu daga cikinsu a kowace daƙiƙa. Fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, waɗanda mafi yawan jinsinsu ba ya wuce yini guda a cikin jini. Sai ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, filaket, masu kwana 7 zuwa 10. Takardar ƙirgar jini da ake rubuta wa NFS a asibitocin Nijar tana ba da adadin kowanne. Ga namiji babba mai lafiya, ƙarfin jini yana tsakanin giram 13 da 17 a desilita, fararen ƙwayoyi 4,000 zuwa 10,000, filaket 150,000 zuwa 400,000 a mikirolita guda.

Daga wannan takarda shawarar take farawa. In jajayen ƙwayoyi kaɗai suka faɗi, akwai dalilai da yawa da ke wajen ɓargo, kuma likita zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Amma in biyu ko duka ukun suka faɗi tare, da wuya a ce kowanne da nasa dalilin, sai hankali ya koma ga tushensu guda. Sai likita ya nemi a ƙirga masa sabbin jajayen ƙwayoyi, retikulosit. Ɓargo mai lafiya, da ya ji jini ya ragu, yana ƙara himma, adadin nan ya haura 120,000. In jini ya faɗi ƙasa warwas kuma sabbin ƙwayoyi ba sa fitowa, ɓargon bai amsa kira ba ke nan. Abu na uku shi ne a shafa ɗigon jini a gilashi a duba da madubin likita. Idan aka ga ƙwayoyin da ba su nuna ba, waɗanda wurinsu na cikin ƙashi, suna yawo a jini, to babu sauran jira.

Akwai wasu dalilan yin gwajin ɓargo. Dattijo mai ciwon baya na watanni, ga ƙarancin jini, ga ƙoda ta soma gazawa, hoton ƙashi kuma ya nuna ramuka: ana zargin miyeloma, kuma ba a tabbatar da ita sai an duba ɓargo. Mai saifar da ta kumbura har cibiya, an yi maganin masassara ba ta sauka ba. Mai zazzaɓi na makonni da aka rasa kansa, musamman mai ƙanjamau, wanda tarin fuka ke iya ɓuya a ɓargonsa. Da wanda aka riga aka samu da sankarar kaluluwa, ana son a san ko ta kai ga ƙashi.

Sanin inda ba a buƙatarsa ma rabin aikin ne. Yaron da ke wasansa, filaket ɗinsa kawai suka faɗi bayan mura, saifarsa da kaluluwarsa daidai, sauran jininsa daidai, yawanci sa ido ake yi, kuma yakan warware da kansa. Mai amosanin jini da jininsa ya faɗi farat ɗaya saboda ƙwayar cutar farbo ta dakatar da ɓargonsa na mako guda ko kwana goma, jini yake buƙata. Haka nan mutanen Afirka ta Yamma da yawa, bisa gado, wani jinsin fararen ƙwayoyinsu yana ƙasa da ma'aunin da aka ɗauko daga Turawa, alhali lafiyarsu garau. Mutum mai ƙoshin lafiya da aka ga wannan kaɗai a takardarsa, bai kamata a ɗaga masa hankali da maganar allura a ƙashi ba.

Bari mu bi wani misali daki-daki. Haɗa shi na yi daga irin abin da likitocin jini ke gani, ba wani mutum takamaimai ba ne. Saurayi ne ɗan shekara 24 daga wani ƙauye tsakanin Malbaza da Dogarawa. Da rani yana aikin albasa, in aikin ya lafa ya koma sayar da fetur a kwalba a bakin hanya. Wata biyu yana fama da kasala, ya yi haɓo sau da yawa, dasashinsa na jini in ya yi asuwaki, ga ƙananan ɗige-ɗige ja a ƙwaurinsa. An yi masa maganin masassara sau biyu, an ƙara masa jini leda biyu, ya ɗan farfaɗo, bayan mako uku ya koma gidan jiya. Da aka yi cikakkiyar ƙirga sai ga ƙarfin jini 5.2, fararen ƙwayoyi 1,800, waɗanda 400 ne kawai masu yaƙi da ƙwayoyin cuta na bakteriya, filaket 14,000, retikulosit 10,000. Ba a ga ƙwayar masassara ba, gwajin ƙanjamau bai nuna komai ba, saifa da hanta ba su kumbura ba, babu kaluluwa. A gilashin jini ba a ga baƙuwar ƙwaya ba, ƙwayoyin dai sun yi kaɗan.

Wannan takarda tana iya zama ta cututtuka aƙalla huɗu, kuma maganinsu ya sha bamban ƙwarai. Tana iya zama rashin bitamin B12 ko folik, wanda allura ko ƙwaya mai araha ke warkarwa, don haka in da hali ana auna su a jini tukuna. Tana iya zama sankarar jini da ta cika ƙashi ba ta riga ta malalo waje ba. Tana iya zama ɓargon ne ya bushe, ya daina aiki. Tana iya zama wani abu daga waje ya mamaye shi. Tambayoyin likita ma suna da manufa: shin yana zuƙo fetur da baki ta tiyo, domin akwai banzin a cikin fetur, kuma banzin sananniyar guba ce ga ɓargo, shin ya sha kuloramfenikol, wanda a wasu 'yan ƙalilan yake kashe ɓargo makonni ko watanni bayan an gama shansa, wane maganin feshi yake taɓawa a gona, ya yi shawara kwanan nan. Amma tambaya ba ta raba gardama. Sai an duba.

A nan ake tura mutum gaba. Yankin yana da asibitocin gunduma, da asibitin Galmi da ƙungiyar mishan ta SIM ta kafa a 1950, da babban asibitin jiha a Tawa. Ɗibar ɓargon kanta ba ta fi ƙarfin likitan da ya koya ba, amma karanta shi aikin ƙwararren likitan jini ne da likitan nazarin tsoka, kuma waɗannan a manyan asibitocin koyarwa aka fi samunsu: Asibitin Ƙasa na Yamai, mai nisan kilomita 400 da 'yan kai daga Ƙonni, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ƙasa da kilomita 100 in an tsallaka iyaka.

Da mahaifin saurayin ya ji za a yi allura ta baya, abin da ya faɗo masa shi ne ɗibar ruwan baya da ake yi wa masu sanƙarau, wanda kowa a wannan ƙasa ya san labarinsa.

"Likita, ba dai ruwan bayan nan za ku ɗiba ba? An ce yana gurgunta mutum."

"A'a Baba, wannan daban ne. Ɗora hannunka nan, ƙasan ƙugunka, gefe da tsakiyar baya. Ka ji ƙashin da ya ɗan turo? Nan za mu shiga. Laka tana can tsakiya, ba ma zuwa kusa da ita."

Gaskiya likitan ya faɗa, kuma ko ɗibar ruwan bayan ma, cutar sanƙarau ce ke barin mutane da naƙasa, allurar ce ke shan zargi.

Ga yadda aikin yake. Majiyyaci zai kwanta a gefe guda ya naɗe gwiwoyi, ko ya yi rub da ciki. A goge wurin da aidin, a rufe da ƙyalle mai tsabta. A yi allurar kashe zafi, lidokayin, mililita 5 zuwa 10, a fata tukuna, sannan a tura har kan fatar ƙashi, wadda ita ce mai jin zafi, a jira minti biyu ko uku. Sai likita ya ɗauko allurar zuƙo, gajera mai kauri, da sandar ƙarfe a cikinta don kada ta toshe. Yana dannawa yana murzawa har ya ji ƙashin ya saki, allurar ta tsaya da kanta ba ta rawa. Ya zare sandar, ya ɗaura sirinji, ya ce wa majiyyaci, "Yanzu za ka ji wani abu ya tsarga maka, ka daure." Ya ja da ƙarfi sau ɗaya. Zafin nan na daƙiƙa biyu ko uku ne, yana tsargawa cikin ƙugu har cinya, kuma maganin kashe zafi ba ya hana shi, domin daga cikin ƙashi yake. Likitoci ma sukan ɗauke shi alamar cewa allura tana inda ya kamata.

Abin da ake ja da farko bai wuce rabin mililita ba. Wanda bai sani ba zai ce an yi rowa, amma in aka ja da yawa jini ne zai biyo baya ya tsinka ɓargon. Ma'aikacin ɗakin gwaji yana tsaye a gefe da gilasai a jere, domin ɓargo yana saurin daskarewa. Zai ɗiga shi a gilashi, ya karkatar, jinin ya gangara. In an dace, za a ga ƙananan burbushi farare-farare sun maƙale, da ɗan ƙyallin maiƙo. Waɗannan burbushin su ne ɓargon. In babu su, jini kawai aka ɗebo. Sai a shafa, a bar shi ya bushe a iska, a rina.

Gutsuro ƙashi, biyofsi, yana biyo baya ta hujin fata guda, amma a kauce kaɗan daga inda aka zuƙa. Allurarsa ta fi tsawo da kauri, bakinta ya ɗan tsuke don ya riƙe abin da ya yanko. Wani likitan jini ɗan ƙasar Iran, Khosrow Jamshidi, ya fito da ita a 1971, kuma har yau da sunansa ake kiranta. Bayan ta kama ƙashi sai a zare sandar ciki, a ci gaba da murza ta santimita biyu, a juya ta sau da yawa, a ɗan girgiza don gutsuren ya tsinke, a zaro. Abin da zai fito siririn ƙashi ne ja, kaurinsa wajen milimita 2, tsawon da ake so santimita ɗaya da rabi zuwa biyu. A mirgina shi a kan gilashi ya bar sawunsa, sannan a jefa shi a kwalbar fomalin. Duka aikin minti 20 zuwa 30 ne. A danne wurin minti goma, a ɗaure, majiyyaci ya kwanta a kan bayansa na ɗan lokaci.

Me ya sa biyu? Wanda ya tatso zuma zai iya gaya maka launinta da ɗanɗanonta, amma sai ya yanko saƙar zai san ramuka nawa ne cike, nawa ne wayam. Zuƙo yana ba da ƙwayoyin a warwatse, kowace ana ganin siffarta fes. Likitan jini zai ƙirga 300 zuwa 500, ya fitar da kason kowane jinsi, ya duba ko suna nuna yadda ya kamata. Da wani rini na daban ana ganin ajiyar sinadarin ƙarfe. Sakamako yana iya fitowa cikin yini ɗaya ko biyu. Biyofsi kuwa yana nuna yadda ƙwayoyin ke zaune a wurinsu: nawa ne ƙwayoyi nawa ne kitse, ko akwai tabo mai zare-zare da ya cika ramukan, ko akwai gungun sankarar da ta zo daga nono ko mafitsara ko kaluluwa, ko ƙullin tarin fuka. Irin waɗannan sukan ƙi biyo sirinji. Shi yana ɗaukar mako guda ko fiye, domin sai an jiƙa ƙashin a sinadari ya yi laushi kafin a iya yanka shi siriri.

A gilashin saurayinmu burbushin sun fito, amma kusan kitse ne, ƙwayoyin da ke kewaye da su 'yan kaɗan. Wannan kaɗai bai isa a yanke hukunci ba, domin gilashi mai ƙwayoyi kaɗan yana iya nufin ɓargo ya bushe, yana iya nufin jini ya tsinka shi, yana kuma iya nufin ƙwayoyin suna nan cunkus sun ƙi fitowa. Biyofsi ne ya warware. Likitoci suna da wani ƙiyasi na kai tsaye: a cire shekarun mutum daga 100, abin da ya rage shi ne kimanin kason ƙwayoyi a ɓargonsa. Ɗan shekara 24 ana sa ran wajen kashi 76. An samu nasa kashi 10, saura kitse, babu baƙin ƙwayoyi, babu tabo. Bushewar ɓargo ce, kuma mai tsanani, tunda ƙwayoyin ɓargon ba su kai kashi 25 ba, masu yaƙi da bakteriya ba su kai 500 ba, filaket ba su kai 20,000 ba.

Sanin nan ya canza abubuwa nan take. Maganin ƙarin jini na kwalba da ake ta saya masa ba zai yi komai ba, ƙarfe ma yana neman yi masa yawa saboda ledojin da aka ƙara. Duk zazzaɓin da ya taso masa abin gaggawa ne, a ranar za a soma allurar kashe ƙwayoyin cuta. Ya rabu da fetur, ya rabu da asfirin da dangoginta. Maganin cutar shi ne magungunan da ke lafar da garkuwar jiki, kamar sikulosforin, ko dashen ɓargo daga ɗan'uwa da suka dace. In ana tunanin dashe, ba a so a ƙara masa jinin 'yan'uwansa na jini, domin jikinsa zai iya koyon ƙin ɓargonsu. Wannan magana ce mai nauyi a wurin da dangi ne ke ba da jini, kuma ba kowa ke da halin dashen ba.

Da gilashin ya nuna manyan ƙwayoyi cunkus da suka kasa nuna, da rashin B12 ko folik ne, kuma da cikin mako guda na magani sabbin ƙwayoyi sun soma fitowa. Da ɗanyun ƙwayoyi sun kai kashi 20 ko fiye, da sankarar jini ce mai saurin ci. Ga dattijo mai ciwon baya, ƙwayoyin filasma kashi 10 ko fiye ake nema. Ga mai zazzaɓi da ƙatuwar saifa, wani lokaci ana ganin ƙananan ƙwayoyin cutar kala'azar a cikin manyan fararen ƙwayoyi, cutar da likitoci suka ba da rahotonta a Nijar, kuma mai warkewa ce in an gano ta. In kuwa sirinji ya dawo wayam sau biyu a hannun wanda ya iya, wannan ma labari ne: sau da yawa tabo ne ko cunkoson sankara, kuma biyofsi ya zama dole.

Likitocin da suka yi karatu a tsarin Faransa sukan zuƙo daga ƙashin ƙirji, su rubuta miyelogiram a takarda. Hanya ce tsohuwa, Mikhail Arinkin ya soma ta a Leningirad a 1927, kuma tana da sauri. Amma kaurin ƙashin bai fi santimita guda ba, zuciya da manyan jijiyoyi suna bayansa, don haka allurar tana da matsayi da ke hana ta zarcewa. Ba a yi wa ƙananan yara a nan, kuma ba a taɓa gutsuro ƙashi daga ƙirji. A ganina duk wanda ƙwayoyinsa uku suka faɗi tare gara a nufi ƙugu tun farko a ɗauki biyun, maimakon mutum ya yi tafiyar Yamai sau biyu.

Haɗarin aikin kaɗan ne. A wani bincike da Barbara Bain ta tattara a Birtaniya na shekarun 1995 zuwa 2001, an samu matsala mai tsanani 26 cikin gwaji kusan 55,000, mafi yawansu zubar jini, da mutuwa guda. Ƙarancin filaket kaɗai ba ya hana yin gwajin, danna wurin ake daɗewa ana yi. Wanda jininsa ba ya daskarewa tun haihuwa, ko mai shan maganin tsinka jini, shi ne sai an gyara tukuna, don haka ya faɗa. Ciwon wurin na kwana biyu ko uku ne, farasitamol ya ishe shi, kuma kada ɗaurin ya jiƙe har kwana ɗaya ko biyu. Jinin da ya ƙi tsayawa, kumburin ɗuwawu mai ƙaruwa, zafin da ke sauka ƙafa yana tsananta, zazzaɓi ko ruwa daga hujin, duk dalilan komawa asibiti ne ba tare da jiran gari ya waye ba.

Abin da ya fi ɓata gwajin yakan faru ne tun kafin a iso gaban likitan jini. Dekisametazon da furedinisolon, waɗanda ake samu a teburin masu tallan magani, suna narkar da ƙwayoyin wani jinsin sankarar jini na yara na ɗan lokaci. Yaron zai ji sauƙi, a duba ɓargo a rasa abin da ake nema, bayan makonni cutar ta dawo ta fi da taurin kai. Folik da B12 kuma suna sauya kamannin ɓargo cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙarin jini yana ceton rai kuma ba a jinkirta shi saboda gwaji, amma minti biyar sun isa a ɗebi jini a kwalba a shafa gilashi kafin a ɗaura leda. Iyali su tafi da duk takardun ƙirgar jini na baya, da kwanakin da aka ƙara jini, da kwalayen duk maganin da aka sha, har da na gargajiya.

In majiyyaci ba zai iya tafiya ba, samfurin yana iya tafiya. Gilasan da suka bushe sarai, aka rubuta suna da fensir, aka sa a akwatinsu nesa da ƙura da ƙudaje, suna jure hanya. Sai dai kada a haɗa su leda ɗaya da kwalbar fomalin, domin tururinsa yana ɓata rinin, ƙwayoyin su fito dishi-dishi ba a iya karanta su. Gutsuren da bai kai santimita guda ba, ko wanda guringuntsi ne da ɓawon ƙashi kawai, sau da yawa takardar da za ta dawo cewa za ta yi samfurin bai wadatar ba, a sake. Sakewar ba ta nufin cuta ta ƙaru. Akan yi ta a ɗaya ɓangaren ƙugun, kuma ɗan abin da aka ɗiba a karon farko ɓargo yana mayar da shi cikin makonni kaɗan.